Yadda ake ciro rana, lokaci da wurin taro daga hoton hirar guruf a zuba a kalanda

Wani ya turo maka hoton allo na hirar wani guruf da ba ka ciki, ya rubuta a ƙasa: "Ga yadda aka tsayar, ka sa a kalanda." Ka duba hoton, ka ga an ce "jibi ƙarfe 4". To, jibin wace rana? A nan aikin yake. Karanta rubutun da ke cikin hoto ba shi da wuya, wayar ma tana iya yi. Abin da ke sa mutum ya je taro ya tarar da ƙofa a rufe shi ne hoton allo ya yanke hirar daga ranar da aka yi ta, alhali kalmomi irin su yau, gobe, jibi da "Asabar mai zuwa" ba su da ma'ana sai an san ranar da aka rubuta su. Saboda haka wannan jagora za ta fi daɗewa a kan gano ranar, sauran matakan kuma za mu bi su da sauri.

Ga hirar da za mu yi aiki da ita, ta wani kwamiti mai mutum biyar. Na rubuto ta yadda take a hoton, har da alamomin rana da manhajar ke sakawa a tsakiyar allo da kuma ƙananan lambobin agogo da ke gefen kowane saƙo.

Monday
Shugaba, 14:05: Jama'a, mu haɗu jibi ƙarfe 4 a ɗakin taro na 2.
Ma'aji, 14:11: Allah ya kai mu, ranka ya daɗe.

Yesterday
Sakatariya, 08:40: Ranka ya daɗe, Laraba ba za ta yiwu wa mutum uku ba. Ko a mayar da shi Asabar?
Shugaba, 09:02: Ba laifi, Asabar ɗin.
Ma'aji, 09:15: Lokacin yana nan?
Shugaba, 09:17: A'a, ƙarfe 10 na safe. Awa biyu ta ishe mu.

Today
Sakatariya, 08:55: An riga mu kama ɗakin taro na 2 ranar Asabar. Na samo mana ɗakin karatu, hawa na biyu.
Shugaba, 09:10: Madalla. Kuma kowa ya turo rahotonsa kafin 03/04.

Mataki na farko: gano ranar da aka ɗauki hoton

Kalmar Today da ke cikin hoton tana nufin ranar da aka ɗauki hoton, ko da kai sai bayan kwana uku ka buɗe shi. Yesterday kuma ranar da ta gabace ta. Manhajojin hira irin su WhatsApp suna rubuta waɗannan kalmomi ga saƙonnin kwana biyun ƙarshe, wasu su rubuta sunan rana kawai ga saƙonnin cikin mako, sai saƙo ya tsufa sannan su nuna cikakken kwanan wata. Wato hoton tsohuwar hira ya fi na sabuwa sauƙin sha'ani, domin shi yana ɗauke da kwanan watansa.

Agogon da ke can saman hoton ba zai taimaka sosai ba, lokaci kawai yake nunawa a yawancin wayoyi. Inda za ka duba shi ne sunan fayil ɗin. Wayoyin Android kan sa wa hoton allo suna mai ɗauke da shekara, wata da rana, kamar haka:

```
Screenshot_20250312-093015.png
```

Wannan na nufin 12 ga Maris, 2025, da ƙarfe 9:30 da daƙiƙa 15 na safe. A iPhone kuwa sunan ba ya ɗauke da rana, sai ka buɗe hoton a Photos ka taɓa alamar bayani, za ka ga ranar da lokacin.

Amma wannan duka idan a wayarka aka ɗauki hoton ne. In turo maka shi aka yi, sunan na asali kan ɓace a hanya. A Android, hoton da ya shigo ta WhatsApp yana samun sabon suna mai kama da `IMG-20250314-WA0007.jpg`, kuma ranar da ke jiki ita ce ranar da ya iso wayarka. Idan mai turowa ya ɗauka ranar Laraba ya manta bai turo ba sai Juma'a, kai kuma ka ɗauki Today a matsayin Juma'a, duk lissafinka ya goce da kwana biyu.

Akwai hanyar gane haka daga cikin hirar kanta. Duba misalinmu. Shugaba ya ce "jibi" a ƙarƙashin Monday, jibin Litinin kuwa Laraba ce, kuma sakatariya ta tabbatar da haka da ta ce Laraba ba za ta yiwu ba. Ta yi wannan magana a ƙarƙashin Yesterday, kuma da alama kafin Larabar ta zo, tunda neman ɗagawa take yi. Ranar da ke bayan Litinin kuma kafin Laraba ita ce Talata. Ke nan Yesterday Talata ce, Today Laraba. Da za ka ɗauka Today Juma'a ce, Yesterday za ta zama Alhamis, sai ya zama sakatariya tana neman a ɗaga taron da lokacinsa ya riga ya wuce, wanda hankali ba zai ɗauka ba. Irin wannan gwaji nake yi wa kowane hoto da aka turo min: in nemi saƙo guda da ya ambaci sunan rana, in gwada shi da alamomin allo, in ga ko sun zauna daidai.

Idan an yanke hoton ta yadda babu alamar rana ko ɗaya, kada ka yi hasashe. Tambayi wanda ya turo ranar da aka rubuta saƙon, ko ka roƙe shi ya ɗan ja hirar sama ya sake ɗauka da alamar a ciki.

Mun tsayar ke nan: Today ita ce Laraba 12 ga Maris, 2025, wato Larabar da ta gabaci Juma'a 14 ga wata da ke jikin sunan hoton da ya shigo ta WhatsApp. Yesterday Talata 11 ga wata. Monday kuma Litinin 10 ga wata. Rubuta waɗannan ukun a takarda ko a manhajar rubutu kafin ka taɓa kalanda.

Mataki na biyu: ciro rubutun, in akwai bukata

Ga hira gajera kamar tamu, karantawa da ido ya fi sauri, kuma ya fi tsira daga kuskure. Ciro rubutu da waya yana da amfani ne idan akwai dogon adireshi ko mahaɗin taron bidiyo da ba ka son kwafa harafi bayan harafi. A Android ka buɗe hoton a Google Photos ka taɓa Lens, ka zaɓi rubutun ka kwafa. A iPhone, tun daga iOS 15 da ya fito a 2021, akwai Live Text: ka danna yatsa a kan rubutun cikin hoton ka riƙe, zai zaɓu kamar rubutun yau da kullum.

Abin da ya fito, kada ka yarda da shi sai ka gwada shi da hoton. Na'urar tana rikita 1 da 7, da 0 da harafin O, da 5 da S, musamman in hoton ya sha turawa daga waya zuwa waya ya dushe. Haruffanmu masu lanƙwasa kuma takan miƙar da su, ɗaki ya koma daki, ƙarfe ya koma karfe. Wannan ba ya ɓata rana, amma a mahaɗin intanet harafi ɗaya ya isa ya hana shi buɗewa, don haka ka gwada buɗe mahaɗin tun yanzu.

Babban tarkon dai shi ne ƙananan lambobin agogo. A kan allo idonka ya san cewa 09:17 da ke kusurwar saƙo lokacin aikawa ne. Da zarar an ciro rubutun, sai ya manne da jimlar, ka ga "Awa biyu ta ishe mu 09:17" a layi ɗaya. Wanda ke sauri zai iya ɗaukar 09:17 a matsayin lokacin taro. Alamar ganewa mai sauƙi ce: mutane suna sa taro ne ƙarfe 10, ko 10 da rabi, ko saura kwata. Duk lokacin da ka ga mai ɓarin mintuna kamar 17 ko 02, kusan tabbas na aikawa ne, ka goge shi.

Mataki na uku: bi hirar har ƙarshe, ka ga wace magana ce ta tsaya

Hirar guruf ciniki ce, maganar farko tayi ce kawai. Hanyar da nake bi ita ce in buɗe layi uku, rana, lokaci, wuri, in bi saƙonnin daga sama zuwa ƙasa, duk inda aka canza ɗaya in soke tsohon in rubuta sabon. Muhimmin abu shi ne kowane layi yana canzawa ne shi kaɗai, a lokacinsa.

A misalinmu, rana ta fara a Laraba 12, ta koma Asabar a saƙon 09:02 na Talata. Wace Asabar? Ta farko bayan Talata 11 ga Maris ita ce 15 ga Maris. Lokaci ya fara a ƙarfe 4, ya koma 10 na safe a saƙon 09:17. Wuri bai motsa ba sai washegari, da ya tashi daga ɗakin taro na 2 ya koma ɗakin karatu, hawa na biyu. Ka lura babu saƙo guda a cikin hirar da ke ɗauke da amsar gaba ɗaya. Wanda ya kwafi saƙon farko zai je Laraba. Wanda ya tsaya a saƙonnin Talata zai zo a ranar da ta dace, a lokacin da ya dace, ya tsaya a ƙofar ɗakin da wasu suka kama.

Sannan ka duba wanda ya yi maganar. Sakatariya ta kawo shawarar Asabar da alamar tambaya, shugaba ne ya ce ba laifi. Da hoton ya ƙare a kan tambayarta, da ba a tsayar da komai ba tukuna, kuma abin da ya kamata ka sa a kalanda shi ne Laraba, da ɗan bayani cewa ana maganar ɗagawa. Wannan ne ya sa nake duba ƙasan hoto da kyau. Idan saƙon ƙarshe tambaya ce, ko an yanke shi rabi, akwai ci gaban da ba ka gani ba.

Abubuwa biyu na allo suna ruɗarwa a nan. Na ɗaya, idan wani ya ba da amsa ga tsohon saƙo, manhajar tana liƙa guntun tsohon a saman amsar. Sai ka ga "jibi ƙarfe 4" ya sake bayyana a ƙarƙashin Today, alhali maganar Litinin ce aka ɗauko. Jibin nan na ranar da aka fara rubuta shi ne, kada ka sake lissafa shi daga Laraba. Na biyu, saƙon da ke da alamar Edited an gyara shi bayan aikawa. WhatsApp yana barin gyara cikin minti 15 na farko, don haka hoton da aka ɗauka da zafi-zafi, saƙo na shigowa, yana iya ɗauke da rubutun da mai shi ya riga ya canza. Idan lokacin ɗaukar hoton bai kai minti 15 da saƙon ƙarshe ba, ka sa ayar tambaya. Namu an ɗauka 09:30, saƙon ƙarshe 09:10, minti 20 ke nan, mun tsallake.

Ga wani tarko da babu shi a misalinmu amma yana yawan faruwa. Mutum ya rubuta "gobe da safe" da ƙarfe 12:20 na dare. A lissafin waya sabuwar rana ta riga ta shiga, amma shi da bai kwanta ba, gobensa ita ce safiyar da ke tafe nan da awa kaɗan. Duk "gobe" da aka rubuta tsakanin tsakar dare da wayewar gari, tambaya ta fi lissafi.

Mataki na huɗu: warware lambobin da ke da fuska biyu

Saƙon ƙarshe ya kawo abu na biyu da ya cancanci shiga kalanda, wato wa'adin rahoto, 03/04. Yawancin ƙasashe suna fara rubuta rana sannan wata, wanda ya ba mu 3 ga Afrilu. Amurka tana fara wata, wanda ya ba mu 4 ga Maris. A nan hirar ta raba gardama, domin an rubuta saƙon 12 ga Maris, kuma ba a sa wa'adi a ranar da ta wuce. Ke nan 3 ga Afrilu ce, Alhamis.

Ba kullum ake samun wannan sa'a ba. Da 04/05 aka rubuta, da duka biyun suna gaba: 4 ga Mayu, Lahadi, ko 5 ga Afrilu, Asabar. A irin haka ka nemi wani kwanan wata da mutumin ya rubuta a hirar mai lamba sama da 12, kamar 15/03, wanda ke nuna shi mai fara rana ne. In babu, ka tambaya.

Sai kalmar "kafin". Kafin 3 ga Afrilu, a tsananin lissafi, ranar ƙarshe ita ce 2 ga wata, ko da yake mutane da yawa ranar ukun suke nufi. Ni dai nakan sa shi a 2 ga wata, domin wanda ya turo da wuri babu mai yi masa faɗa.

"Ƙarfe 4" na saƙon farko bai ce safe ko yamma ba, amma babu kwamitin da ke zama ƙarfe 4 na asuba. Inda ake shan wuya shi ne ƙarfe 7, 8 da 9, waɗanda ke iya zama na safe ko na dare. Kuma in wani a guruf ɗin yana wata ƙasa, ka tambayi agogon wa ake nufi. Lambobin gefen saƙo suna bin agogon wayar da ta ɗauki hoton, amma "ƙarfe 10" da ke cikin jimla yana bin agogon da ke kan mai rubutun. Ƙasashe masu matsar da agogo suna ƙara dagula abin a watan Maris: a 2025 Amurka ta matsar ranar 9 ga wata, Turai kuma sai ranar 30, don haka tazarar da ka saba da ita ba lallai ta tsaya ba a waɗannan makonni.

Mataki na biyar: zuba a kalanda

Yanzu abin da ke hannunka layi biyu ne. Taron kwamiti, Asabar 15 ga Maris, 2025, 10:00 zuwa 12:00, ɗakin karatu, hawa na biyu. Wa'adin rahoto, Laraba 2 ga Afrilu, yini guda.

Buɗe kalandarka, ka fara zuwa ranar 15 ga Maris ka duba da ido cewa a ƙarƙashin Asabar take, sannan ka ƙirƙiri sabon abu a kanta. Wannan dubawa ta daƙiƙa biyu ita ke kama kuskuren wata ko na shekara. A take ka rubuta abin da za ka gane ko bayan wata guda, kamar "Taron kwamiti", maimakon "taro" kawai. Ka gyara lokacin tashi zuwa 12:00, domin kalanda kan sa awa ɗaya ko ƙasa da haka da kanta, shugaba kuwa awa biyu ya ce. In agogon wayarka na awa 12 ne, ka duba cewa AM aka zaɓa, kuma 12:00 na rana PM ne.

Wuri ya shiga gurbin wuri, wanda a Google Calendar ake kira Location. Ka yi hattara da shawarar da manhajar za ta kawo daga taswira: da ka rubuta "ɗakin karatu" ko sunan wani gini, tana iya ba ka wani mai irin sunan a wani gari. In ba ka tabbatar shi ne ba, bar rubutunka yadda yake. Idan kuma a hirar alamar taswira aka turo maimakon adireshi, hoton allo ba ya ɗauke da mahaɗinta, ɗan zanen kawai ya ɗauko, sai ka roƙi a turo maka ainihin alamar.

A gurbin bayani ka kwafa saƙonnin da suka yanke hukunci da ranakunsu: "Talata 11/3, shugaba: Asabar, 10 na safe. Laraba 12/3, sakatariya: ɗakin karatu." Ranar da wani ya ce ai ba haka aka ce ba, ga shi a hannunka. Hoton kansa ba na son liƙa shi a abin da zan gayyaci wasu, domin yakan nuna lambobin wayar mutanen da ba su ce a yaɗa ba.

Wa'adin rahoto ka sa shi a matsayin All day, ka ba shi tunatarwa ta kwana biyu ko uku kafin ranar, tunda rahoto ba a rubuta shi cikin minti 10.

Idan kai ne mai raba wa sauran mutane, ko kuma ranakun suna da yawa, fayil ɗin `.ics` ya fi sauƙi. Tsarin iCalendar ne da aka bayyana a RFC 5545 a 2009, kuma Google Calendar, Outlook da kalandar Apple duk suna karanta shi. Rubutu ne zalla da za ka iya yi a kowace manhajar rubutu. A ce agogon mahalarta yana gaban UTC, wato agogon da duniya ke auna sauran agoguna da shi, da awa ɗaya:

```
BEGIN:VCALENDAR
VERSION:2.0
PRODID:-//kwamiti//taro//HA
BEGIN:VEVENT
UID:taro-20250315@kwamiti.example
DTSTAMP:20250312T090000Z
DTSTART:20250315T090000Z
DTEND:20250315T110000Z
SUMMARY:Taron kwamiti
LOCATION:Ɗakin karatu\, hawa na biyu
END:VEVENT
END:VCALENDAR
```

Harafin `Z` da ke ƙarshen lokaci yana nufin UTC, shi ya sa ƙarfe 10 ya zama `090000Z`. Amfaninsa shi ne kowa ya buɗe fayil ɗin zai ga taron a agogon inda yake. Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta `100000Z`, sai taron ya bayyana ƙarfe 11. Waƙafi a cikin `LOCATION` yana bukatar alamar `\` a gabansa kamar yadda ka gani. Ka ajiye fayil ɗin da tsarin UTF-8, in ba haka ba Ɗ ɗin zai fito a matsayin wasu alamomi marasa ma'ana.

Ga abin yini guda, layukan lokaci suna canzawa:

```
DTSTART;VALUE=DATE:20250402
DTEND;VALUE=DATE:20250403
```

Ranar `DTEND` ba ta cikin lissafi, ita ce ranar da ke bin ta ƙarshe. Don haka waɗannan layuka biyu yini ɗaya suke nufi, 2 ga Afrilu. Kowane abu kuma ya samu `UID` nasa daban, domin da shi kalanda ke bambanta wannan da wancan.

A waya, taɓa fayil ɗin da aka turo yakan kawo zaɓin ƙara shi a kalanda. A kwamfuta, a Google Calendar, ka shiga Settings, sannan Import & export, ka zaɓi fayil ɗin da kalandar da kake so ya shiga. Bayan ya shiga ka je 15 ga Maris ka gani da idonka cewa 10:00 zuwa 12:00 ya nuna. In ya goce da awa cif, matsalar yankin lokaci ce, ka duba `Z` ɗin da kuma yankin da aka saita wa kalandar. In ya goce da yini, ka koma mataki na farko.

Abu na ƙarshe shi ne ka mayar wa wanda ya turo hoton da layi guda, da sunan rana da kwanan wata a cike: "Na sa Asabar 15 ga Maris, 10 na safe zuwa 12, ɗakin karatu hawa na biyu. Haka ne, ko an sake canzawa bayan hoton?" Hoton ya tsaya a 09:30 na Laraba, guruf ɗin kuwa yana da sauran kwana uku na magana kafin Asabar.